Labari a Gaba, Kirari a Baya: Yadda Ake Gyara Sanarwar Kamfani ga Manema Labarai

Sanarwa ga manema labarai gajeriyar takarda ce da kamfani, ma'aikata ko ƙungiya ke aika wa gidajen jarida, rediyo da talabijin domin a ɗauki abin da ke cikinta a yaɗa a matsayin labari. A nan ta sha bamban da talla. Mai talla kuɗi ya biya ya sayi fili, don haka yana iya cika shi da duk yabon da ransa ke so, muddin bai keta doka ba. Mai sanarwa kuwa neman fili yake yi kyauta, kuma wanda zai ba shi filin edita ne, mutumin da takardu irin wannan ke tarar masa kowace safiya fiye da yadda zai iya karantawa. Edita kan duba kanu da jimlar farko ne kawai. Idan ya ga labari ya ci gaba, idan bai gani ba ya wuce zuwa ta gaba. Saboda haka babban aikin mai gyara sanarwa shi ne ya tono labarin daga inda aka binne shi ya kawo shi sama, ya kuma tura yabon kamfani zuwa ƙasa.

Dalilin sa labari a sama

Tsarin da 'yan jarida ke bi wajen rubuta labari ana kiransa dala a kife, wato faɗinta a sama, tsininta a ƙasa. Abu mafi muhimmanci shi ke zuwa a jimlar farko, mai bi masa ya biyo baya, a haka har a kai ga abin da za a iya zubarwa ba a yi asarar komai ba. Tsarin ya kafu ne a jaridun Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da ake aika labarai ta wayar tangaraho, ana kuma biyan kuɗi gwargwadon yawan kalmomi. Madaba'a ma ta ƙara masa gindin zama. A lokacin da ake zuba haruffa da darma, idan labari ya fi ƙarfin gurbin da aka ba shi a shafi, mai tsara shafin ba ya zama ya sake rubutu. Layukan ƙarshe yake cirewa har labarin ya shiga.

Darma ta wuce, amma yankan daga ƙasa yana nan. Sanarwa mai sakin layi shida kan koma uku a jarida, a labaran rediyo kuwa jimla biyu ko uku ake ba ta. Wanda ke karatu a waya ma kanu da layi biyun farko yake gani kafin ya yanke shawarar buɗewa. Duk abin da aka ajiye a ƙasa, to an yarda ke nan ya salwanta. Kamfanin da ya sa tarihinsa a sama ya bar ranar buɗe masana'antarsa a sakin layi na biyar ya miƙa wa almakashi abin da ya sa aka rubuta takardar tun farko.

Abin da ke jawo yabo ya hau sama ba wauta ba ce. A al'adar taro, ba a shiga magana sai an gaida manya, an jero muƙamai, an yi wa mai taron kirari, sannan a zo ga abin da ya tara jama'a. Wannan ladabi ne, kuma yana da muhallinsa. Kuskuren shi ne ɗauko tsarin jawabin taro a ɗora wa takardar da za ta je gaban mutumin da ba gayyatarsa aka yi ba, kuma ba abin da zai hana shi tashi. Akwai kuma wani dalili na cikin ofis. Jami'in hulɗa da jama'a da ya rubuta daftarin ya san manajan darakta ne zai fara karantawa ya sa hannu, sai ya rubuta abin da zai yi wa maigida daɗi, ya manta da edita.

Misali daga daftari zuwa gyara

A ƙaddara wani kamfanin sarrafa shinkafa, a kira shi Kamfanin Kaza, zai buɗe sabuwar masana'anta a Kura ta jihar Kano, yankin da aka san shi da noman shinkafa. Kamfanin da alƙaluman duka na misali ne. Daftarin da ya fito daga ofis ya fara kamar haka:

“Kamfanin Kaza, jagora a fannin sarrafa shinkafa a Najeriya da Afirka ta Yamma baki ɗaya, wanda ya yi suna wajen inganci, gaskiya da riƙon amana tun kafuwarsa a shekarar 2012, ƙarƙashin jagorancin haziƙin shugabansa mai hangen nesa, yana farin cikin sanar da ɗimbin abokan hulɗarsa da sauran al'umma cewa ya sake kafa wani sabon tarihi a ƙoƙarinsa na ciyar da ƙasa gaba.”

Kalmomi sun haura 60, amma har yanzu mai karatu bai san me ya faru ba. Sakin layi na biyu ya tafi ne kan lambobin yabon da kamfanin ya samu, na uku kalaman shugaba ne yana godiya ga kowa da kowa. Sai a na huɗu aka ambaci masana'antar da garin da take, da cewa za ta iya sarrafa tan 120 a rana. Ranar buɗewa da adadin ma'aikata 180 da za a ɗauka suna can a jimlar ƙarshe, tare da batun sayen shanshera kai tsaye daga manoma.

Mai gyara ba ya fara taɓa ko kalma ɗaya. Yana karanta daftarin har ƙarshe da biro a hannu, yana ja wa duk abin da za a iya tabbatarwa layi: suna, wuri, rana, adadi, da abin da aka yi ko za a yi. A wannan daftari abubuwa shida ne za su samu layi, wato masana'antar, Kura, 3 ga Maris, tan 120, ma'aikata 180, da sayen shanshera daga manoma. Shekarar kafuwa ma gaskiya ce, amma ba sabon abu ba ce, don haka a gefe ake ajiye ta. Daga nan sai ya kife takardar ya tambayi kansa: da zai gamu da wani manomin Kura a hanya, yana da damar jimla ɗaya, me zai ce masa? Ba zai ce masa kamfanin jagora ne a Afirka ta Yamma ba. Zai ce za a buɗe injin casa a garinsu ran Litinin, za a ɗauki ma'aikata, za a kuma riƙa sayen shinkafarsu. Wannan amsa ita ce jimlar farko:

“Kamfanin Kaza zai buɗe sabuwar masana'antar casar shinkafa a Kura, jihar Kano, ranar Litinin 3 ga Maris, wadda za ta ɗauki ma'aikata 180 kuma ta riƙa sayen shanshera kai tsaye daga manoman yankin.”

Tsawonta kusan rabin na farko ne, kuma ta amsa huɗu daga cikin tambayoyi shida da ake koya wa kowane ɗan jarida: wa, me, ina, yaushe. Sauran biyun, wato me ya sa da ta yaya, suna iya jira zuwa sakin layi na biyu ko na uku. Masu koyo kan yi ƙoƙarin cusa duka shidan a jimla guda, sai ta kumbura har mai karanta labarai a rediyo ya rasa inda zai ja numfashi. Kalmomi 30 zuwa 35 sun isa jimlar farko ta Hausa. Sunan kamfanin yana nan a gaba, ba a ɓoye shi ba, amma ya zo ne a matsayin wanda ya aikata abu, ba tare da rakiyar siffofi ba. An kuma cire “yana farin cikin sanar da”, domin farin cikin kamfani ba labari ba ne, kuma kowa ya san sanarwa ake yi.

Wane ɓangare ne zai shiga jimlar farko ya danganta da inda takardar za ta. Gidan rediyon da manoma ke saurara zai fi kula da sayen shanshera da guraben aiki. Shafin kasuwanci na jarida zai fi son yawan abin da injin ke sarrafawa da kuɗin da aka zuba. Ba laifi ba ne a fitar da sanarwa iri biyu masu jimlar farko daban, matuƙar alƙaluman ba su saɓa wa juna ba.

Alƙaluma na buƙatar tambaya

Da zarar adadi ya hau sama, nauyinsa ya ƙaru, domin shi ne za a ɗauka a maimaita. Shi ya sa mai gyara ke komawa ga injiniya ko manajan masana'anta kafin ya rubuta sakin layi na biyu. Tan 120 a rana, na shansherar da ke shiga ne ko na shinkafar da ke fita? Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan aka cashe shanshera, kusan kashi biyu cikin uku ne ke fitowa a matsayin shinkafar ci, sauran ƙaiƙayi ne da dusa. Tan ɗaya buhu 20 ne masu kilo 50. Idan tan 120 na abin da ke fita ne, buhu 2,400 ke nan a rana. Idan na abin da ke shiga ne, abin da zai fito bai wuce kimanin tan 80 ba, wato buhu 1,600. Sannan akwai bambanci tsakanin abin da injin zai iya yi da abin da zai fara yi a watannin farko.

Haka ma ma'aikata 180. Idan aka bincika aka tarar 60 ne na dindindin, sauran 120 na kaka ne, dole a faɗa. Ɗan jaridar da ya gano hakan da kansa bayan an buga labari ba zai sake ɗaukar adadin wannan kamfani da muhimmanci ba. Sakin layi na biyu sai ya zama:

“Masana'antar za ta iya cashe tan 120 na shanshera a rana, abin da zai ba da kimanin buhu 1,600 masu kilo 50. Daga cikin ma'aikatan, 60 na dindindin ne, 120 kuma za su yi aiki ne a lokacin kaka.”

Mayar da tan zuwa buhu ba ado ba ne. Mai karatu ya san girman buhu da nauyinsa a ka, tan kuwa sai ya yi lissafi.

Yadda ake yi da kalmomin yabo

Ba kowane yabo ake jefarwa ba. Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabewa: a cire sunan kamfanin daga jimlar a sa na abokin hamayyarsa. Idan jimlar ta zauna daram, ba ta faɗi komai game da kamfanin ba. “Ya yi suna wajen inganci, gaskiya da riƙon amana” za ta dace da kowane mai injin casa, har da wanda aka taɓa kamawa da algus. Irin wannan sharewa ake yi. “Haziƙi mai hangen nesa” ma haka, domin babu editan da zai buga ta da bakin jaridarsa.

Wani yabon kuma akwai gaskiya kwance a ƙarƙashinsa, sai a tono ta a sa ta a madadinsa. Idan aka tambayi ofis me ake nufi da “jagora”, mai yiwuwa amsar ita ce kamfanin yana da masana'antu uku kuma yana kai kaya jihohi 11. To a rubuta hakan. Adadin ya fi kalmar ƙarfi, domin ana iya bincikawa a tabbatar, kuma mai karatu ne zai yanke wa kansa hukuncin girman kamfanin. Idan aka tambaya aka rasa amsa, kalmar ta bi 'yan uwanta.

Kalmomi irin su “na farko”, “mafi girma” da “irinsa kaɗai” sun fi sauran haɗari, domin iƙirari ne da mutum guda zai iya ƙaryatawa da misali guda. Amma a nan ne kuma ƙa'idar ke da iyaka. Idan da gaske masana'antar ita ce ta farko irinta a ƙaramar hukumar, wannan ba kirari ba ne, labari ne, kuma wurinsa jimlar farko. Sharaɗin shi ne a taƙaita iƙirarin zuwa inda za a iya kare shi, a kuma faɗi madogara. Haka lambar yabo. Wadda aka ci jiya daga wata hukuma da aka sani tana iya zama ita ce labarin, wadda aka ci shekara huɗu da suka wuce kuwa ta ƙasa ce.

Kalaman shugaba su ne wuri guda a tsakiyar takarda da ra'ayi ke da izinin shiga, tunda an jingina shi ga mai shi. Wurinsu sakin layi na uku, bayan an gama shimfiɗa abin da ya faru. Sai dai galibin daftari kan ɓarnatar da wannan dama a kan godiya da murna. Ya fi kyau kalaman su amsa tambayar me ya sa. A misalin nan shugaban zai iya cewa manoman yankin sun daɗe suna kai shanshera nesa ko suna sayar wa dillalai da araha, kuma kamfanin zai biya su cikin kwana biyu da auna kaya. Wannan magana ce da rediyo zai ɗauka yadda take. Jimla biyu ko uku sun wadatar, tare da cikakken suna da muƙami sau ɗaya. A al'adar wannan aiki jami'in hulɗa da jama'a ne kan tsara kalaman, amma ba sa fita sai wanda aka jingina wa ya karanta ya amince, kuma duk gyaran da ya taɓa ma'ana sai an koma masa da shi.

Abin da ya rage na tarihin kamfani sai a tara shi a sakin layi ɗaya na ƙarshe, ƙarƙashin ɗan kanu kamar “Game da Kamfanin Kaza”. Jimla uku ko huɗu ne: shekarar kafuwa, inda hedikwata take, abin da ake sarrafawa, yawan masana'antu da ma'aikata, da lambar yabo ɗaya idan tana da nauyi. Wannan sakin layi ba ya canzawa daga sanarwa zuwa sanarwa, kuma 'yan jarida sun san ba don a buga aka sa shi ba, don wanda bai san kamfanin ba ne ya samu abin da zai bayyana shi da shi. Ko a nan ɗin, “an kafa shi a 2012, yana da masana'antu uku” ya fi “gagarabadau” amfani.

Kanu shi ne abu na ƙarshe da ake rubutawa, domin daga jimlar farko ake tatso shi. Daftarin ya zo da “Kamfanin Kaza Ya Sake Kafa Tarihi”, wanda bai faɗi komai ba. Gyararren shi ne “Kamfanin Kaza Zai Buɗe Masana'antar Shinkafa a Kura, Zai Ɗauki Ma'aikata 180”. Shi ɗin ne kuma ake sawa a layin batu na imel, maimakon kalmar “sanarwa” ita kaɗai.

Idan labarin ba mai daɗi ba ne

Jarabar binne labari ta fi ƙarfi idan abin da ya faru asara ne: ƙarin farashi, rage ma'aikata, janye kaya daga kasuwa, ko haɗari. Abin lura shi ne sanarwar da aka fi ambata a matsayin mafarin wannan sana'a ta irin wannan yanayi ce. A ranar 28 ga Oktoban 1906 wani jirgin ƙasa ya faɗa ruwa daga kan gada a Atlantic City ta jihar New Jersey a Amurka, mutum fiye da 50 suka mutu. Ivy Lee, wanda ke yi wa kamfanin jiragen ƙasa na Pennsylvania aikin hulɗa da jama'a, ya shawo kan kamfanin ya fitar da bayanin abin da ya faru ga 'yan jarida da kansa, a zamanin da kamfanoni suka saba da yin gum.

A irin wannan sanarwa ba tura yabo ƙasa kaɗai ake yi ba, rage shi ake yi sosai ko a cire. Kamfanin da ke janye wani rukunin kayan abinci ya fara da sunan kayan, lambar rukunin da ke jikin kwali, dalilin janyewa, da abin da wanda ya saya zai yi. Idan ya fara da cewa ya shekara goma yana kula da lafiyar abokan cinikinsa, ɗan jarida zai tsallake ya nemo abin da aka ɓoye ya sa a kanu, wanda kayan ke ɗakinsa kuwa mai yiwuwa bai kai sakin layi na huɗu ba.

Dubawar ƙarshe kafin aikawa

Gwajin da ya fi bayyana ko gyaran ya yi shi ne a kwaikwayi edita. A rufe sakin layin ƙarshe da hannu a karanta sauran, sannan a rufe biyu, sannan uku, har jimlar farko ta rage ita kaɗai. A kowane mataki abin da ya saura ya kamata ya zama cikakken labari mai ma'ana, ko da ya gajarta. Idan rufe wani sakin layi ya tafi da rana, wuri ko adadin da ba a iya yi ba tare da shi ba, to wannan abu ya yi ƙasa da yawa, a ɗaga shi sama. Bayan haka a karanta jimlar farko da murya, domin kunne kan kama tuntuɓen da ido ya tsallake. Idan an rubuta sanarwar da Turanci za a mayar da ita Hausa, gyaran tsari ya riga fassara, in ba haka ba kirarin kan ƙara tsawo a hannun mai fassara.

Sauran abubuwan na tsari ne. A saman takarda a sa kwanan wata da bayanin ko za a iya bugawa nan take ko sai wata rana da sa'a da aka ƙayyade. A rubuta ainihin rana maimakon “gobe” ko “mako mai zuwa”, tunda ba a san yaushe za a buɗe saƙon ba. A ƙarshen rubutu a sa kalmar “Ƙarshe” ko alamar ### domin a san babu shafin da ya ɓace, sannan suna da lambar wayar mutumin da zai amsa kira a ranar. Shafi ɗaya, kalmomi 300 zuwa 400, ya ishi yawancin sanarwa.

Matakin da kan fi ba mai gyara wuya shi ne mayar da takardar wurin maigida, wanda zai ga an sauke yabonsa daga sama. Gardama kan salon rubutu ba ta cika yin tasiri a nan ba. Abin da ke aiki shi ne a ɗauko tsofaffin sanarwar kamfanin biyu ko uku tare da yadda jaridu suka buga su, a jera gefe da gefe, ya ga da idonsa waɗanne jimloli suka tsira, waɗanne aka yanke. Idan duk da haka ya dage sai an ce kamfanin jagora ne, wurin da za a ba kalmar shi ne cikin kalamansa da ke sakin layi na uku, inda sunansa ke biye da ita, ko a sakin layin “Game da Kamfanin Kaza”.